Sunan Maribel a Kowane Layi

A maɗaba'ar Doña Hortensia da ke Arequipa, taron Litinin ba ya ƙarewa sai imel ɗin Maribel Condori ya shigo. Kowa zai tashi da abin da kunnensa ya zaɓa ya ji, ita kuwa ta koma teburinta ta rubuta abin da aka yanke, da wanda ya ɗauki kowane aiki, da ranar da zai miƙa shi. A ƙasa takan ƙara layi guda: mai gyara ya amsa wa kowa kafin azahar ɗin gobe, shiru amincewa ne.

Daga Puno ta zo tana budurwa, da jaka ɗaya da takardar shaidar koyon akawu. Ba wanda ya ɗora mata wannan aiki. Ita ta ƙirƙiro shi bayan an taɓa buga littafin lissafi da bangon da ba shi aka zaɓa ba, kowa yana rantsuwa shi ba haka ya ji ba. Ita ce kuma ta kafa dokar cewa abin da ba a faɗa a taro ba, ba ya shiga imel.

Sai dai ita ta fara karya dokar. Duk aikin da aka ce "a duba shi" aka wuce ba mai shi, sunanta take liƙawa. Mutane suna cewa kirki ne. Har da kirkin, amma a ƙarƙashinsa akwai wani tsoro da ba ta taɓa gaya wa kowa ba: ranar da aka ga injuna suna juyawa ba ita, za a gane ashe ana iya rayuwa ba Maribel.

A watan Fabrairu, makarantu na dab da komawa, aiki ya yi musu rubdugu. A wani mako cikinsa ne za a yi wa mahaifiyarta aikin ido a Puno, ranar Alhamis. Doña Hortensia ta ba ta hutu tun tuni. Amma taro ya tashi da ayyuka uku marasa mai su: duba samfurin littafin kimiyya kafin Laraba, bin kamfanin takarda kafin Alhamis, shirya motar kai kaya kafin Juma'a. Maribel ta kalli guraben, ta cike su da sunanta, ta tura. Ta kira ƙanwarta ta ce da wuya ta zo. Har wani sauƙi ta ji a ranta, ta ji kunyar sauƙin.

Washegari da safe sai ga amsa ga kowa daga Don Eulogio, shugaban masu injin, wanda bai taɓa amsa imel ba. Ya rubuta: "Gyara. Ban ji an ambaci Maribel a taro ba. Takarda tawa ce, Alhamis."

Ta sauka ƙasa ta same shi yana goge tawada a hannu.

"Don Eulogio, kai da mai sayar da takarda ko gaisawa ba kwa yi."

"To zan gaishe shi, 'yata, ai ba aurensa zan yi ba."

"Ka ma san lambarsa?"

"Ke za ki ba ni. Ko ita ma Puno za ki tafi da ita?"

Wilber, mai tsara shafuka, ya leƙo daga bene yana cin biredi. "Maribel, na amsa ni ma. Samfurin nawa ne, Laraba. Kullum ke ke cinye aiki, mu a bar mu da zagi."

"Kai da ka bar 'kimiyya' ba 'k' a bara?" in ji Maribel.

"Shi ya sa zan duba sau biyu!"

Kafin azahar Doña Hortensia ta amsa da kanta, ta ɗauki aikin motar, Juma'a. Ta ƙara da cewa: "Ki gaishe da Mama."

Maribel ta zauna gaban kwamfuta, haushi ne ya fara zuwa. Sun ƙwace mata abin da take fakewa da shi, kuma da dokarta suka ƙwace. Daga baya haushin ya wuce. Ashe duk shekarun nan suna karanta saƙon har ƙasa, suna ganin sunanta yana maimaituwa, suna kuma ganin dalili.

Ta buɗe imel ɗin, ta sa "Gyararre" a kansa, ta goge sunanta sau uku ta sa nasu. A gurbin layin da ta saba rufewa da shi ta rubuta "Na gode," ta goge don ba a faɗe shi a taro ba, ta sake rubutawa, ta tura.

Ranar Alhamis, da aka fito da mahaifiyarta ido ɗaya a naɗe, hannun Maribel ta laluba ta kama. Wayar Maribel tana cikin jaka. Sau ɗaya Maribel ta leƙa, ta ga Don Eulogio ya rubuta wa kowa: "Takarda ta iso." Ta mayar da ita, ta gyara wa tsohuwar bargo.