Kujerar da Godiya ba ta zauna a kai ba

Malama Rifkatu ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina shanya citta a tsakar gida. Ƙanwarta ce ta kira ni daga Manchok, ta ce jiya da yamma ne, bayan rashin lafiya na sati biyu.

Ni ban ma san ba ta da lafiya ba.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Ina da shekara talatin da huɗu na fara riƙe biro, kuma ita ce ta riƙe hannuna. Da safe tana koyar da yaranmu a firamare nan Kafanchan, ranar Talata da Alhamis da yamma kuma ta zauna da mu matan zumunta a bayan coci, tana koya mana baƙaƙe. Ranar da na fara rubuta sunana daidai, ta ɗaga takardar sama ta yi guɗa, har mai gadi ya leƙo.

Tun ɗazu nake ganin mutane a waya suna sa hotonta, suna cewa uwa ce, haske ce. Har wanda yake hedimasta a lokacin ya rubuta cewa ba a taɓa yin malama irinta ba. Na karanta nasa sau biyu, a hankali, yadda ta koya mini. To ni ma zan faɗi nawa, kuma nawa ba mai daɗi ba ne.

'Yata Godiya tana da i'ina. A gida tana magana, ko da da ƙyar. A waje kuwa, in aka tambaye ta sunanta sai ta kalli ƙasa. Tana aji biyar Malama ta zo gidana ta ce ta sa ta a wasan kwaikwayo na ranar ba da kyaututtuka.

Na ce, "Malama, so kike a yi wa 'yata dariya a gaban duk gari?"

Ta ce, "Maman Godiya, dariya kam za a yi. Amma ita ce za ta sa su, ba ita za a yi wa ba. Minti biyu ne kawai. Zo ki gani."

Na je. A ajinsu suke gwaji bayan an tashi.

Yara uku ne da kujera ɗaya. Bulus shi ne Babban Baƙo, an cusa masa filo a cikin riga. Hafsatu, 'yar Alhaji mai shagon atamfa, ita ce mai gabatarwa, tana riƙe da ludayi a matsayin makirfo. Godiya ce mai share wuri, da tsumma a kafaɗa.

Hafsatu za ta yi ta zuba kirari, ta ce, "Ranka ya daɗe, a zauna." Bulus ya gyara riga, ya fara lanƙwasa gwiwa, sai Godiya ta hango ƙura, ta janye kujerar ta hau gogewa. Shi kuma ya tsaya a haka, bai zauna ba, bai miƙe ba. Hafsatu ba ta ga komai ba, kirarinta take yi.

Karo na biyu ya waiga, ya tabbatar kujera tana nan, ya sauka ƙasa fiye da na farko. Godiya ta ga ƙafar kujerar tana rawa, ta ɗauke ta gaba ɗaya ta kife tana dubawa. Bulus ya kama iska da hannu biyu.

Karo na uku ya riƙe kujerar gam, yana hararar Godiya. Ya kusa zama ke nan sai Hafsatu ta ce, "Kowa ya miƙe don taken ƙasa!" Dole ya saki, ya ƙame. Godiya ta zagayo a hankali, ta zauna a kujerar, ta miƙe ƙafa, ta share gumi da tsummar, ta ce, "Na gaji."

Shi ke nan maganarta. Kalma biyu.

Malama tana tsaye da waya tana duba lokaci. Ta ce wasan kansa minti ɗaya da rabi ne, sauran rabin na dariyar mutane ne, kada wanda ya yi magana a kan dariya, a bari ta fara sauka tukuna. Ta zana layi da alli inda kujera za ta tsaya. Ta hana Bulus faɗuwa, ta ce in ya faɗi tun farko ba abin da ya rage a jira, kuma nauyinsa ya zauna a ƙafafunsa, kada ya dogara da kujerar ko kaɗan. Wanda ya yi murmushi a cikinsu, a koma farko. Wanda ya juya wa 'yan kallo baya, a koma farko.

Na tambaye ta me ya sa sai sau uku. Ta ce, "Na farko mutane su koyi wasan. Na biyu su ce mun gane. Na uku suna jiran irin na baya, sai ki ba su abin da ba su zata ba. In kika cire na ukun, kamar kin dafa tuwo kin hana miya."

Ita kuma Godiya, Malama ta koya mata ta zauna, ta ƙirga uku a zuci, ta ja numfashi, sannan ta yi magana. Ta ce shirun nan yana cikin wasan, ba wanda zai san jira take. Sau shida na ji yarinyar nan ta faɗi kalmominta a ranar, ko sau ɗaya harshenta bai sarƙe ba. A hanyar gida har tsalle take.

Ni kuwa tsoro bai bar ni ba. Na yi ta tunanin filin makaranta cike da mutane, da matan layinmu masu baki. Na ɗauki takardar wasan daga jakar Godiya, na zauna na karanta da yatsa. A takarda ba abin dariya ko ɗaya. Abin da na gani kawai, 'yata ce mai shara, 'ya'yan wasu su ne manya.

Washegari na kai wa hedimasta takardar. Na ce ina roƙo a cire Godiya, ko a ba ta wani abu a cikin masu waƙa. Iyakar abin da na je nema ke nan.

Ya karanta, ya cire tabarau. Ya ce, "Madam, kin san wanda muka gayyata babban baƙo? Mutumin da muke roƙo ya yi mana rufin aji biyu. Yana da tumbi. Yarinya ta zauna a kujerarsa a gabansa? A makarantata?"

Bai cire Godiya ba. Na ukun ya cire. Ya rubuta da jan biro cewa bayan karo na biyu yarinya ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, ban san kai ne babban baƙonmu ba, ga kujerarka." Baƙo ya zauna, a tafa.

Hafsatu ce ta ba ni labarin yadda Malama ta roƙe shi. Wai Malama ta ce masa in ma dole ne, a soke wasan duka, ya fi. Ta ce yarinyar ba za ta iya wannan doguwar magana a durƙushe ba. Ya ce an riga an buga a takardar shiri, kuma shi ne hedimasta. Kwana biyu suka rage.

Ranar taro babban baƙon ya zo a makare, ya yi jawabi har rana ta karkata. Sannan aka kira yaran.

Karo na farko fili ya ɗauki dariya. Na biyu, har shi baƙon yana buga cinya, tumbinsa yana rawa. Na ga mutane sun miƙa wuya suna jiran na uku. Sai Godiya ta durƙusa. Aka sa mata makirfo a baki.

Ta ce, "Ra... ra... ra..."

Mutane suna cike da dariyar da aka tara musu, ba inda za su zuba ta. Sun zaci wannan ne na ukun. Suka zuba ta a kan 'yata. Wani yaro a baya ya kwaikwaye ta, wasu suka amsa. Tana durƙushe tana ƙoƙari, jijiyar wuyanta ta tashi. Malama ce ta hau dandamalin ta ɗaga ta, ta rufe ta da mayafinta.

Ina zaune a layi na huɗu da sabon ɗankwali. Ban iya tashi ba.

Har ƙarshen zangon yara suna kiranta Rarara. Ta daina ɗaga hannu a aji. Ta bar 'yan waƙar Sande Sukul a coci. Yanzu tana aji uku a sakandare, malamanta suna cewa tana da ƙoƙari a rubutu, amma ba su san muryarta ba.

Shekarar da ta biyo aka mayar da Malama wata makaranta wajen Manchok. Ban san dalili ba, ba zan ɗora wa kowa abin da ban sani ba.

Ganina da ita na ƙarshe a tasha ne, bara, kafin Kirsimeti. Tana cikin bas, ta hango ni ta taga, ta ƙwala mini kira, "Ɗalibata! Kina karatu ko kin mayar mini da baƙaƙena?" Ta sayi gyaɗa ta ce in kai wa Godiya. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Abin nan yana damuna har yau. Da na hana ta hawa ranar. Laifina ne, Maman Godiya, ki yafe mini."

Na buɗe baki. Kwandasta ya buga mota. Na ce, "Ba komai, Malama, Allah ya kiyaye hanya."

Na bar ta ta tafi da laifina a kanta. Ba ta taɓa sanin yadda takardar ta isa ofis ba. Ko kuma ta sani ta rufa mini asiri, wannan ya fi mini ciwo. Da karatun da ta koya mini na karanta takardar nan.

Godiya ma ba ta sani ba sai yau. Kafin in sa wannan, na miƙa mata wayar na ce ta duba mini kuskure, kamar yadda take yi kullum. Ta karanta har ƙasa a tsaye. Ta gyara mini kalma biyu. Ta ajiye wayar a kan tabarma, ba a hannuna ba, ta shiga ɗaki ta ja labule. Har yanzu ba ta fito ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Rifkatu, ka ba ta hutu a wurinka. Ka ta'azantar da tsohuwarta da 'yan'uwanta. Gafarar da ban nema a wurinta ba, ina nema a wurinka, cikin sunan Yesu.

Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ya sa Malama a addu'a. In da sauran wuri a addu'ar, ku sa yarinyar da ke bayan labulen nan. Ni ku bar ni a ƙarshe.