Takardar da Ba Ta da Hoto

A shekarun da hanyar Ruma ta gagare mu saboda 'yan bindiga, ni malamin gona ne a Batsari, amma malamin gonar da ba ya zuwa gona. Sai dai mu kira wakilan ƙauyuka zauren taro a Safana, mu haska musu majigi, su koma da abin da kansu ya riƙe. A waccan kakar ɗan waken da mutane suka samu suka tsinto bai taka kara ya karya ba, in kuma ƙwari suka cinye shi kafin damina, shi ke nan.

Ogana ya ce in ƙanƙanta hotunan majigin in jera su a takarda ɗaya a raba. Na ce, "Haba ranka ya daɗe! Wanda ya ga abu a bango, me zai yi da shi kamar kan ashana?" Ina da taurin kai, ban musa ba. Majigi na ido ne, ina tsaye ina bayani. Takarda kuwa ita za ta je inda ƙafata ba ta zuwa.

Sai na bar wa bango hotuna, na ba takarda aiki. A shanya wake har ya yi ƙaras a haƙori. A nemo buhun ajiya mai ledoji a ciki, a duba ko sun huje kafin a zuba waken. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban. A ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Na sa inda ake sayar da buhun, na bar fili a ƙasa don mai son rubutu. Ina bugawa ina ganinta a raina tana tafe a aljihu bisa babur, ana karanta ta a gindin rumbu.

Ranar taron aka rufe tagogi, janareta na gunji a waje. Don nuna waken da ya isa roro, na haska wani tsohon hoto da na ɗauka a Ruma tun ana zaman lafiya: kunyoyi, wata tsamiya, dutse can baya. Kowa ya ƙura wa bango ido, kamar ya tafi wani wuri ya bar jikinsa a benci.

Da aka tashi, wani dattijo ya karɓi takardarsa, ya sa na karanta masa, ya gyaɗa kai.

"Ta yi, Malam. Za a bi ta."

Sai ya juya bayanta. Fari fat.

"Gonar fa? Ba ka sa ta ba?"

"Wace gona, Baba?"

"Mai tsamiyar nan. Tawa ce. Rabona da ita tun da suka tashe mu."

Wallahi zuciyata ta karye. Na ce wa mai janareta kada ya kashe, na maido da hoton. Baba ya koma bencin gaba ya zauna, takardar na kan gwiwarsa. Ana ta kwashe kujeru, bai ko waiga ba.