Sashe na Ashirin da Huɗu

Ina shagona kusa da Kusugu, ina buga shafi na goma sha tara, ƙanwata ta kira ta ce Baba ya faɗi a bakin masallaci bayan azahar. Kafin in isa asibiti an riga an rufe masa fuska. Na dawo da yamma na tarar da kwamfutar a kunne, takardunsa kuma a gefe da fensirinsa a kai.

Baba ya yi shekaru yana tafinta a kotu kafin ya yi ritaya. Ni dai sakandare na gama, na buɗe shagon buga takardu. Aikinmu na ƙarshe tare shi ne wata doguwar yarjejeniya, shafi talatin da biyu da Turanci, tsakanin wani kamfanin sayen riɗi da ƙungiyar manoma ta garin Babban Mutum. Shugaban ƙungiyar, abokin Baba tun yarinta, shi ya kawo ta. Ya ce mutanensa ba za su dangwala yatsa a kan abin da ba su ji da Hausa ba. Baba yana fassarawa da fensir, ni ina bugawa.

Ba mu shirya ba a kan aikin. Hausarsa ta yi mini nauyi. Jimlar da ta cika rabin shafi a Turanci, shi ma sai ya bi ta gaɓa-gaɓa, ba ya zubar da komai. Na ce, "Baba, wa ke magana haka a Daura? Ka ba su ma'anar kawai."

Ya ce, "Kai da ka tashi da hira da Turawa, fassara mini sashe na ashirin da huɗu in ji."

Na duba, na ce, "Wannan takarda ita ce cikakkiyar yarjejeniyarmu."

"Ta yi daɗi. Ina sauran?"

"Sauran ai maimaici ne irin na lauyoyi."

Sai ya miƙo mini tasa: takardar ta shafe duk wani alkawari, magana ko fahimtar juna da aka yi kafinta, da baki ko a rubuce. Na buga yadda ya rubuta, amma a raina na ƙudurta zan gyara idan mun zo bita. Ba mu zo bitar ba. A sashe na ashirin da bakwai ya tsaya.

Bayan sadakar bakwai shugaban ya zo. Ya daɗe yana yi wa Baba addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, ba lokacinsa ba ne, amma damina ba ta jira. Wakilin kamfani zai zo ranar Asabar."

Na zauna da takardun kwana uku, na ƙarasa fassarar daga inda Baba ya tsaya. Yanzu ba mai hana ni sassauta komai. Na sassauta gabatarwar da wuraren da ba su ɗora wa kowa wani nauyi ba, na yanka dogayen jimloli, na bar lambobin sassa yadda suke don a iya gwada su da Turancin. A ashirin da huɗu na goge tasa na sa tawa, na karanta da ƙarfi, ta zauna a baki. Sai na tuna akwai sashen da ya ce idan an sami saɓani, Turancin za a bi. Ke nan abin da na zubar yana nan, manoman ne kawai ba za su ji shi ba. Na mayar da ta Baba.

Ranar Asabar na karanta musu a ƙofar gidan shugaban. Sun yi ta gyangyaɗi har na kai sashe na ashirin da huɗu. Wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Malam, maimaita. Da baki ka ce?"

Na maimaita. Ya juya ga wakilin. "Alhaji, ba a nan ka ce motarku za ta zo har gari ta ɗauka, buhu ma naku ne ba? Gaban mutum nawa?"

Wakilin ya ce maganarsa tana nan. Dattijon ya ce, "To ai takardarku ta ce ba ta nan." A wurinsu magana gaban shaidu ta gama komai, haka suka saba sayar da shanu da hatsi. Shugaban ya tambaye ni ko akwai mota ko buhu a wani shafi. Na ce babu, sashe na tara ma ya ce su za su kai kayan siton kamfani. Ba wanda ya dangwala. Suka ce a rubuta a ciki tukuna, wakilin ya ce sai ya ji daga lauyansu.

A hanyar dawowa na so in gaya wa Baba, har na ciro waya.

Ruwa ya sauka, lauyan bai amsa ba. Sashe na ashirin da takwas, wanda ke maganar ɗaukar wa kamfani asara idan wani ya kai shi ƙara, na karanta musu shi a ranar amma ban gamsu da Hausata ba. Har yanzu ban gyara shi ba.