Sharaɗin da Asiya Ta Ƙi Sharewa

Asiya Umaru 'yar Rawayya ce, a ƙaramar hukumar Bungudu. Ta yi karatun kwamfuta a Gusau, kuma a nan take aiki da wani ƙaramin kamfani mai haɗa manhajar biyan kuɗi ta waya. Ba ita ke gina manhajar ba. Aikinta shi ne ta rubuta abin da ake so manhajar ta yi, da yadda za a gane ta yi shi.

Kowace buƙata jimla ɗaya take zama, suna kiranta labarin mai amfani: wane ne, me yake so, don me. A ƙarƙashinta sai sharuɗɗan karɓa. In ɗaya bai cika a gwaji ba, aiki bai gama ba.

Da aka ce za a kai manhajar kasuwar hatsi ta Tsafe, labarin da ta fara rubutawa na mai saye ne. Da ta je kasuwar ta zauna, sai ta ga manomi yana ajiye buhunansa wurin dillali ya tafi sabgarsa. Dillali ke sallamawa, shi ke ɗaga wa 'yan dako hannu su loda mota, shi kuma manomi zai kama in kuɗi bai zo ba. Ta koma ta sake rubutu: "A matsayina na dillali, ina so in tabbatar kuɗi ya shiga asusuna kafin a ɗauki kaya, domin kada hatsin mutane ya tafi a kan bakina."

Sharaɗin farko, fuskar wayar mai saye ba za ta yi kore ba sai banki ya tabbatar kuɗi ya shiga. In sabis ya yanke ana cikin turawa, ta yi ruwan ɗorawa ta ce ana jira, maɓallin biya ya kulle don kada a biya sau biyu. Sannan saƙon tes ya je wayar dillali, don yawancinsu ƙananan wayoyi suke riƙewa.

Alhaji Labbo, shugaban dillalan, ranar kasuwa ɗaya ya ba su ta gwaji. Ya ce in hatsin wani ya salwanta, kada su sake zuwa.

Ana saura 'yan kwanaki, Muktar, mai gina manhajar, ya ce ya gama. Asiya ta danna biya, ta kashe data a tsakiya. Fuskar ta yi kore.

"Malam Muktar, bai wuce ba."

"Haba Malama Asiya, ke kika kashe data da hannunki."

"A Tsafe da kanta take mutuwa. Wannan koren cewa yake an tura, ba an karɓa ba."

"Sau goma, tara zai shiga. Share layin nan mu huta, mu gyara daga baya."

"Na goman, kai za ka bi motar hatsin har Funtua?"

Muktar ya yi dariya, ya ce an haɗa shi da alƙaliya. Ya ƙara da cewa mutane ba sa son jira, kuma a nan gaskiya ya faɗa. Asiya ta yarda a ƙara layi: bayan minti biyu manhaja ta sake tambayar banki da kanta. Sharaɗin kore kuwa ta bar shi yadda yake. Gyaran ya cinye sauran kwanakin, har suka ajiye wani ado da suka so yi wa rasit.

Ranar kasuwa, wani ɗan kasuwa daga Funtua ya sayi masara wurin Alhaji Labbo. Ya danna biya, sabis ya tafi, fuska ta yi ruwan ɗorawa. Direban motar da za a loda yana ta hon. Ɗan kasuwar ya nuna wa Labbo wayarsa.

"Alhaji, ka ga na tura. A loda mini."

Labbo ya duba ƙaramar wayarsa, babu saƙo. Ya juya wajen Asiya da ke tsaye kusa da shi.

"Ɗiyata, mi wagga kala ka nufi?"

"Baba, bai shiga ba tukuna. Kada ka ɗaga hannu."

Bai ɗaga ba. Mutumin ya yi ta mita, yana cewa da ya sani da tsaba ya zo. Da sabis ya dawo, banki ya amsa cewa turawar ba ta yi ba, ba a cire masa komai ba. Maɓalli ya buɗe, ya sake dannawa. Fuska ta yi kore, wayar Labbo ta yi ƙara a aljihu. Ya karanta, ya ɗaga wa 'yan dako hannu.

Da la'asar ya ce wa Asiya su dawo kasuwa mai zuwa, dillalan wake ma suna so. A motar komawa Gusau ta riga ta fara sabon labari, don Labbo ya ce haruffan saƙon sun yi masa ƙanana. Muktar ya leƙa wayarta ya tambaya ko wannan karon sharaɗi nawa ne.

"Bari in tambayi masu wake tukuna," in ji ta.