Muryar Kawu a Waya

Tun ina ƙarama, duk sanarwar da za a yi wa manoma da makiyaya a kasuwar Makarfi, muryar Kawuna ce ke fita daga lasifika. Da ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, harshe kuwa ya yi nauyi. Da lokacin allurar shanu ya zo, shugaban ƙungiyarsu ya ce a ɗauki muryar Kawu a waya a kawo masa. In ta fita tas a sa, in ba haka ba a ba wani.

Ni na rubuta sanarwar, na kuma zuba Hausa son raina, don ni ma ina da ɗan ji da kai. Muka zauna a zaure da hantsi, na jingina wayar da buta, ya karanta.

“Ai lafiya lau,” in ji shi.

Na kunna masa. Mai magana ba ya jin tuntuɓensa sai an mayar masa. A kan “rigakafin cututtukan dabbobi” muka ji harshen ya harɗe, ya koma baya, ya sake harɗewa. Kawu ya ƙura wa wayar ido.

“Ke, haka nake yanzu?”

Tausayinsa ya kama ni, sai na ce laifin rubutuna ne. Muka sake saurare, duk inda ya yi tuntuɓe ko numfashi ya ƙare masa in tsayar in ja layi. “Rigakafin cututtukan dabbobi” ya koma “allurar shanu”. “Tattaunawa” ta koma “zama”. Doguwar jimla na raba ta biyu. Muka sake ɗauka, muka sake ji, takardar duk ta zama zane-zane.

Wuri ɗaya ya rage, kuma ba nawa ba ne. Kiran da yake buɗe sanarwa da shi ne tun kafin a haife ni: “Jama'a a sassaurara, a sassaurara!” Da shi aka san shi, har yara na kwaikwayo. Duk ɗaukar da muka yi, a nan yake maƙalewa. Na ji, na ƙi jan layi.

“Mayar da farkon,” ya ce.

Ya saurara har sau biyu, kansa a sunkuye. Sannan ya miƙo hannu na ba shi biro, ya soke layin da kansa.

“Sa sallama kawai, 'yar nan. Shanu ake so a kawo.”

Shugaban ya karɓa. Ranar kasuwa na raka Kawu, muka tsaya wajen masu rake. Lasifika ta yi ƙara za ta fara, na waiwaya na ga leɓɓansa suna motsi, yana yin kiran nasa a hankali, shi kaɗai. Bai kai ƙarshe ba muryarsa ta yi sallama daga sama.