Kawu da Haruffa Biyu na Ƙasa

Kawu ya tsufa a tagar banki yana tura kuɗi waje, bai taɓa hawa jirgi ba, amma ya zaga duniya. In aka miƙo lambar SWIFT ta bankin da za a tura wa kuɗin, sai ya tsallake haruffa huɗun farko, na banki, ya sauka kan biyun da ke biye, na ƙasa. Ya ga BR, ya lumshe ido, ruwan saman Brazil ya sauko masa kan tebur.

Rannan wata tsohuwa ta zo tura wa ɗanta kuɗi, wai yana Masar.

"Hajiya, TR nake gani. Bankin nan a Turkiyya yake."

Ta ce, "Ashe ya yi gaba. Malam, ta ina Turkiyyar take? In san inda zan riƙa aika addu'a."