Motaleb da Ruwan Ƙugu

Shekara arba'in Motaleb yana tuƙa kwale-kwale a mashigar ƙauyensu da ke yankin Barishal, kuma shekara arba'in yana shara ƙarya. A teburin mai shayi, ga goron supari a kumatu, sai ya ba da labarin yadda ya ninƙaye kogi a shekarar babbar ambaliya da akuya a wuya. In masu sauraro sun yi yawa, akuyar takan zama maraƙi. Gaskiyar magana, bawan Allah nan ko wanka zai yi a kogi, ba ya barin ruwa ya wuce masa gwiwa. Matarsa kaɗai ta san bai iya iyo ba, ita kuwa ta rasu da sirrin a cikinta.

Jikarsa Tuktuki ce ta tona shi. Shekararta shida, kullum a jirginsa take ƙetarawa makaranta, ga damina ta kawo kai. Yayanta ruwa ne ya ci shi a kwatamin bayan gida yana ɗan shekara biyu, shi ya sa Motaleb da kansa ya kai ta wurin Jobeda mai koyar da iyo. Kejin gora aka kafa a bakin kududdufi, da daɓen gora a ƙasa, ruwan iya ƙirjin yaro. Jobeda macen da ba ta ɗaukar wargi ce. Sai yaro ya iya hura kumfa da fuska cikin ruwa, ya kwanta rigingine a kan ruwa har a ƙirga talatin, ya kuma iya miƙa wa wanda ya faɗa ruwa gora daga tudu, kafin ta sallame shi.

Kwana biyar Tuktuki tana riƙe da gora tana buga ƙafa, amma fuska ta ƙi shiga ruwa. A rana ta shida ta kafe.

"Ni sai Kaka ya nuna min. Shi da ya ɗauko maraƙi!"

Jobeda ta dubi tsohon sama da ƙasa. "To Baffa, bismilla. Mu ma mu ƙaru."

"Ke, wannan ruwan alwalar? Ai raini ne."

"In ba ta sa fuska yau ba, gobe wasu yaran zan ɗauka. Sai kuma bayan damina."

Motaleb ya waiga. Ya dubi matan da ke wanke tukwane a matakalar kududdufin, duk sun saki aiki sun zuba ido. Ya dubi yarinyar. Tsoro yake ji ƙwarai, amma tsoron damina ta same ta haka ya fi. Ya tofar da supari, ya shiga ruwan da lunginsa, wato zanen da maza ke ɗaurawa, a sake, don bai san masu iyo tattare shi suke su soke a ƙugu ba. Zanen ya cika da iska ya taso kamar laima. Garin danne shi santsi ya kwashe shi, ya kurɓi ruwa, ya taso yana salati, ya rungume gora kamar ya ga mahaifiyarsa. Ruwan kuwa ƙugunsa ma da ƙyar ya kai.

"Ina maraƙin, Motaleb?" in ji wata tsohuwa daga matakala.

Jobeda ba ta yi dariya ba, ko da yake ta sha wuya kafin ta haɗiye ta. Ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baffa, ka taɓa iyo?"

"Ko sau ɗaya, 'yar nan."

"To soke zanenka. Saki gorar. Kwanto, ga hannuna a ƙeyarka. Kunnuwa cikin ruwa, haɓa sama, turo cibiya. Baza hannu. Ja numfashi a hankali. Kada ka leƙa ƙafarka, da ka ɗaga kai gindi zai nutse."

Sau uku yana leƙawa, sau uku yana nutsewa. A na huɗu ya sallama wa Allah. Ruwa ya toshe masa kunne, shewar matan ta ɗauke. Bai ma san lokacin da Jobeda ta zare hannunta ba. Yara suka ƙirga talatin, suka wuce hamsin, tsoho na shimfiɗe yana kallon shirwa a sama, hawaye na gangara cikin kududdufi.

Da ya miƙe sai ya ga Tuktuki ta sunkuya kusa da shi, fuskarta tsundum cikin ruwa, kumfa na tashi ta gefen kunnuwanta. Ta ɗago tana tsiyaya, ta sharce ido.

"Dubawa na yi ko kana taka ƙasa, don na san halinka." Ta juya ga Jobeda. "Anti, wannan karon ba ƙarya ya yi ba."